Babi na Shida: Duk Daga Tsatso Ɗaya

Wata safiya na tsaya wurin mai shayin unguwarmu zan biya shi naira 100 da ta rage a kaina tun jiya. Na laluba aljihu, babu komai sai 'yan ɗari biyar-biyar. Shi ma ya jawo gwangwanin da yake zuba ciniki ya zazzage a kan tebur, duk 'yan ɗari bibbiyu ne. Na ce to a bari sai gobe. Ya ce, "A'a Malam, kawo ɗari biyar ɗin." Na miƙa masa guda, ya ƙirgo 'yan ɗari biyu guda biyu ya ba ni. Bashi ya biyu, alhali babu wanda ya taɓa takardar naira 100 a cikinmu.

Na tafi ina juya abin a raina. A ce duk garin babu wata takardar kuɗi sai waɗannan biyun, ta 200 da ta 500, kowa yana da su iya yadda yake so, kuma an yarda a ba da canji. Wane bashi ne zai biyu daidai, wanne ne ba zai biyu ba? Na ɗari ya biyu, mun gani. Na 300 ma mai sauƙi ne: ka ba da 500, a dawo maka da 200. Tunda ɗari tana biyuwa, duk wani ninkin ɗari zai biyu, ko da ta hanyar maimaita dabarar mai shayi ce sau da yawa. Amma bashin naira 50, ko na 250, ba zai taɓa biyuwa ba ko za a kwana ana musayar takardu, domin kowace takarda da ta fita ko ta shigo ninkin ɗari ce, kuma ninkin ɗari a kan ninkin ɗari ba ya haifar da komai sai ninkin ɗari. Ashe takardun biyu, idan aka haɗa ƙarfinsu, aikin takarda ɗaya tak suke yi, ta naira 100, wadda ba ta hannun kowa.

Tambayar wannan babi ita ce: shin sa'a ce aka yi da 200 da 500, ko kuwa kullum haka abin yake? Idan takardun uku ne, ko ashirin, ko ma ba su da iyaka? Amsar ita ce kullum haka yake, kuma dalilin gajere ne ƙwarai, har ɗan sakandare zai iya riƙe shi a ka. Ina so mu bi shi a hankali, don akwai wuraren da ake yawan yin tuntuɓe.

Mu fara da filin da muke aiki a ciki. Cikakkun lambobi su ne 0, 1, 2, 3 har abin da ya yi sama, tare da takwarorinsu na ƙasa da sifili: −1, −2, −3 har abin da ya yi ƙasa. Ana yi musu alama da harafin ℤ. A labarin mai shayi, lamba ta sama da sifili kuɗin da ya fita daga hannuna ne, ta ƙasa da sifili kuma canjin da ya dawo mini. A cikin waɗannan lambobi ana tarawa, ana ɗebewa, ana ninkawa, kuma amsar ba ta taɓa fita daga cikinsu. Rabawa ce kaɗai ba ta da tabbas: 12 ta rabu da 4, amma 13 ba ta rabu ba. Duk tsarin da yake da wannan hali, masana lissafi suna kiransa zobe.

A cikin zobe akwai wani irin rukuni na musamman da ake kira aidiyal. Rukunin cikakkun lambobi yana zama aidiyal idan akwai aƙalla lamba ɗaya a cikinsa, kuma ya cika sharuɗɗa biyu. Na farko, idan ka ɗauki lambobi biyu daga cikinsa ka tara su, ko ka ɗebe ɗaya daga ɗaya, amsar tana cikinsa. Na biyu, idan ka ɗauki lamba daga cikinsa ka ninka ta da kowace cikakkiyar lamba, ko ta ciki ko ta waje, amsar tana cikinsa. Basussukan da suke biyuwa da 200 da 500 sun cika duka biyun: idan bashi biyu suna biyuwa, jimlarsu tana biyuwa, bambancinsu ma haka, kuma abin da aka iya biya sau ɗaya za a iya biyansa sau bakwai.

Misali mafi sauƙi shi ne ka zaɓi lamba guda, a ce 6, ka tattara duk ninke-ninkenta: 0, 6, 12, 18, da −6, −12, har ba iyaka ta kowane ɓangare. Ana rubuta wannan rukuni (6). Aidiyal ne, kuma duk abin da ke cikinsa daga 6 ya fito, don haka za mu ce da 6 tsatsonsa. Haka kuma ana iya farawa da lambobi biyu, a tattara duk abin da za a iya samu daga gare su, wato duk lamba mai siffar 200x + 500y, inda x da y cikakkun lambobi ne. Ana rubuta shi (200, 500). Abin da mai shayi ya nuna mini shi ne (200, 500) = (100).

Yana da kyau a ga rukunin da ya faɗi jarrabawar. Haɗa ninke-ninken 4 da ninke-ninken 6 wuri ɗaya, ba tare da ƙara komai ba. Sharaɗi na biyu ya cika, don ninkin ninkin 4 ninkin 4 ne, haka ma na 6. Amma 6 − 4 = 2, kuma 2 ba ta cikin rukunin. Ba aidiyal ba ne. Da zarar ka tilasta masa ya karɓi 2 ɗin nan, sai ya zama (2), ya koma tsatso ɗaya.

Ga ƙa'idar a fili: kowane aidiyal na cikakkun lambobi yana da tsatso ɗaya. Akwai lamba d wadda ninke-ninkenta su ne aidiyal ɗin gaba ɗaya, ba ragi ba ƙari.

Hujjar tana tsaye a kan ginshiƙi biyu, kuma duka biyun mun san su tun firamare ko da ba a ba su suna ba.

Ginshiƙi na farko rabawa ce da saura. Idan aka raba goro 17 tsakanin mutum 5, kowa zai sami uku, biyu su rage. Muhimmin abu a nan shi ne girman sauran. Ba zai kai biyar ba, don da ya kai da an sake zagayawa kowa ya ƙara ɗaya. A rubuce, ga kowace cikakkiyar lamba a, da kowace d ta sama da sifili, akwai q da r waɗanda a = qd + r, kuma r tana tsakanin 0 da d − 1. Wannan yana aiki har ga lambobin ƙasa da sifili: −17 = (−4) × 5 + 3. An sauka zuwa −20, sannan aka hau da uku, saura ya fito 3, ƙasa da 5 kamar yadda ake so.

Ginshiƙi na biyu ya fi wannan sauƙin faɗi, har mutum zai ga kamar bai kai a ambace shi ba. Duk rukunin cikakkun lambobi na sama da sifili, muddin akwai wani abu a cikinsa, yana da ƙarami. Ka ce ka san 1,000 tana ciki. To ka fara daga 1, ka tambayi kowace lamba, kina ciki ko ba kya ciki? Kafin ka wuce 1,000 dole wata ta amsa, kuma wadda ta fara amsawa ita ce ƙarama. Kada a raina wannan. A cikin lambobin gutsure ba haka abin yake ba: rabi, kwata, ɗaya bisa takwas, kowanne akwai na ƙasa da shi, ba a taɓa kaiwa ƙarshe. Cikakkun lambobi kuwa kamar matakalar bene suke, mai saukowa dole ya taka ƙasa.

Yanzu a ba mu aidiyal, kowanne ne, mu kira shi I. Ba a gaya mana yadda aka gina shi ba, ba mu san ko daga lamba biyu ya fito ko daga dubu ba. Sharuɗɗan nan biyu kaɗai muka sani.

Da farko, wataƙila babu komai a cikin I sai sifili. Wannan ma aidiyal ne, kuma tsatsonsa sifili ne, tunda duk ninkin sifili sifili ne. An gama da shi. Idan kuwa akwai wata lamba a ciki wadda ba sifili ba, to akwai ta sama da sifili, domin ko da −12 muka tarar, ninka ta da −1 zai ba mu 12, kuma sharaɗi na biyu ya ce 12 tana ciki. Saboda haka rukunin lambobin I na sama da sifili ba fanko ba ne, kuma ginshiƙi na biyu ya ce yana da ƙarami. Mu kira ƙaramar lambar nan d. Ita muke zato ce tsatson.

Abu biyu ne za mu nuna. Na farko ba wuya: duk ninkin d yana cikin I, saboda d tana ciki, sharaɗi na biyu kuma ya jawo ninke-ninkenta duka. Na biyu shi ne zuciyar maganar: babu wani abu a cikin I wanda ba ninkin d ba.

Ɗauki kowace lamba a daga cikin I. Raba ta da d, ka sami a = qd + r, inda r ba ta kai d ba kuma ba ta sauka ƙasa da sifili ba. Juya lissafin: r = a − qd. Dubi ɓangaren dama da kyau. a tana cikin I, don daga can muka ɗauko ta. qd tana cikin I, don ninkin d ce. Bambancin abu biyu na cikin I yana cikin I. Ashe r ma 'yar gida ce.

To ga r a cikin I, ga ta ƙasa da d. Idan ta fi sifili, mun sami lamba ta sama da sifili a cikin I wadda ta gaza d, alhali d muka zaɓa a matsayin ƙarama. Ba zai yiwu ba. Mafita ɗaya ce ta rage mata: r = 0. Wato a = qd, a ninkin d ce. Tunda ba mu zaɓi a don wani hali nata na daban ba, hukuncin ya hau kan kowace lamba ta I. Saboda haka I = (d).

Shi ke nan hujjar. Na daɗe ina koyar da ita, kuma har yau layin nan na r = a − qd yana burge ni. Saura, wanda yara suke rubutawa a gefen amsa kamar abin da ba a so, shi ne ya yi aikin duka. An matse shi ta sama da girman d, an matse shi ta ƙasa da sifili, aka kuma nuna cewa ba baƙo ba ne a aidiyal, sai ya rasa wurin tsayawa in ban da sifili.

Wuraren tuntuɓe uku ne nake yawan gani a takardun ɗalibai. Wasu sukan ce "a ɗauki ƙaramar lambar I", su manta da cewa ta sama da sifili. I ba shi da ƙaramar lamba, don lambobinsa suna gangarawa ƙasa ba iyaka. Wasu sukan tsallake aidiyal ɗin sifili, inda babu wata d da za a zaɓa. Wasu kuma, su ne suka fi yawa, sukan nuna cewa ninke-ninken d suna cikin I su ajiye biro, alhali rabin aikin mai sauƙi kawai suka yi. Akwai kuma ƙaramin abin lura: (6) da (−6) rukuni ɗaya ne, don haka tsatson ba ɗaya tilo ba ne sai an ƙayyade cewa na sama da sifili ake nufi.

Haka nan ɗebewa ba ado ba ce a cikin sharuɗɗan. Mu koma wurin mai shayi mu hana ba da canji. Da 200 da 500 za a biya 200, 400, 500, 600, 700, da duk ɗaruruwan da ke sama, amma 100 da 300 sun gagara. Ƙaramin abin da ke biyuwa yanzu 200 ne, kuma 500 ba ninkinsa ba ce. Raba 500 da 200, saura 100, amma ba wanda ya ce sauran nan yana cikin rukunin, tunda an toshe hanyar ɗebewa. Canji ne ya riƙe ƙa'idar.

Hujjar ta tabbatar mana d tana nan, amma ba ta nuna yadda za a kamo ta ba. Ba za ka zauna ka binciki lambobi marasa iyaka ba. Sai dai dabarar tana ɓoye a cikin hujjar kanta: duk lokacin da ka raba ɗan gida da ɗan gida, saura ɗan gida ne, kuma ya fi wanda ka raba da shi ƙanƙanta. To ka ci gaba da rabawa har saura ya ƙare. Mu gwada da (252, 198).

252 = 1 × 198 + 54
198 = 3 × 54 + 36
54 = 1 × 36 + 18
36 = 2 × 18 + 0

Da 54, da 36, da 18, kowacce tana cikin aidiyal ɗin, don kowacce saura ce daga biyun da suka gabace ta. A kan 18 matakalar ta ƙare. Mai gaggawa zai iya tsayawa a 54 ya ce ya samu. Gwajin da zai tona shi mai sauƙi ne: tsatso na gaskiya dole ya raba lambobin da aka fara da su ba saura. 198 a raba da 54 ta bar 36, don haka 54 ba ita ba ce. Ita kuwa 18 ta ci gwajin: 252 = 14 × 18, kuma 198 = 11 × 18. Saboda haka duk abin da ke cikin (252, 198) ninkin 18 ne.

Saura mu ga 18 da idonmu a siffar 252x + 198y. Sai a bi sawu a koma baya. Layi na uku ya ce 18 = 54 − 36. Layi na biyu ya ce 36 = 198 − 3 × 54, don haka 18 = 4 × 54 − 198. Layi na farko ya ce 54 = 252 − 198, don haka 18 = 4 × 252 − 5 × 198. A duba: 1,008 − 990 = 18. Da a ce akwai takardar 252 da ta 198, sai ka ba da huɗu na farkon, a dawo maka da biyar na biyun, ka biya 18 cif.

Wannan hanya ta maimaita rabawa tsohuwa ce. Tana farkon littafi na bakwai na babban aikin Euclid, masanin da ya rayu a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda malaman Larabci suke kira Uƙlidis. Shi abin da yake nema shi ne babbar lambar da take raba lambobi biyu ba saura. A nan ne wani abu mai ban sha'awa ya fito. Mu ƙarama muka nema, shi babba ya nema, kuma a kan 18 muka haɗu. Dalilin a bayyane yake: duk lambar da ta raba 252 ta kuma raba 198, dole ta raba 4 × 252 − 5 × 198, wato 18, don haka ba za ta fi 18 girma ba. Ƙaramar lamba ta sama da sifili da za a iya ginawa daga lambobi biyu ita ce babbar da take raba su. Ana danganta wannan sakamako da sunan Étienne Bézout, Bafaranshen ƙarni na 18, ko da yake wani ɗan ƙasarsu, Bachet, ya riga shi nuna shi ga cikakkun lambobi tun ƙarni na 17.

Ƙarin lambobi ba ya canza komai. Dubi 6, 10 da 15. Shida da goma suna ba da (2), shida da sha biyar suna ba da (3), goma da sha biyar suna ba da (5). Babu biyun da suka kai ga 1. Amma ukun tare, 6 + 10 − 15 = 1, don haka (6, 10, 15) = (1), wato dukan cikakkun lambobi. Hujjarmu ba ta taɓa tambayar lambobi nawa aka fara da su ba, shi ya sa ta hau kan uku kamar yadda ta hau kan biyu.

Mai karatu zai iya cewa, to me aka samu? Abin da aka samu babba ne. Akwai lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu, irin 2, 3, 5, 7, 11, waɗanda za mu kira lambobin asali. A ce p ɗaya ce daga cikinsu, kuma ta raba a × b ba saura, amma ba ta raba a ba. Dubi aidiyal (p, a). Yana da tsatso ɗaya, d, wadda take raba p, don haka d ko 1 ce ko p. Ba p ba ce, tunda d tana raba a, p kuwa ba ta raba ta. Ashe d = 1, kuma akwai x da y waɗanda 1 = px + ay. Ninka ko'ina da b: b = pbx + aby. p ta raba kashi na farko, ta raba na biyu saboda ab yana ciki, don haka ta raba b. Wato lambar asali ba ta raba a × b sai ta raba ɗaya daga cikinsu. Daga wannan ne ake nuna cewa kowace lamba hanya ɗaya tak take wargajewa zuwa lambobin asali. 60 ita ce 2 × 2 × 3 × 5, kuma ko ta ina ka fara sara, waɗannan huɗun za ka tarar.

Mun saba da wannan har muna ganin ba zai yiwu ya zama wani iri ba. Manyan masana ma sun taɓa ganin haka. A watan Maris na 1847, Gabriel Lamé ya sanar a gaban Majalisar Kimiyya ta Faris cewa ya warware shahararriyar matsalar nan ta Fermat. Ya yi aiki ne da wasu faɗaɗɗun lambobi, ya ɗauka cewa su ma hanya ɗaya suke wargajewa. Nan take Joseph Liouville ya nuna shakka a kan wannan zato, kuma ba a jima ba labari ya zo daga Jamus cewa Ernst Kummer ya riga ya gano, tun 1844, cewa zaton yana rushewa a wasu wurare. Kummer ya yi ƙoƙarin gyara ɓarakar ta hanyar ƙirƙiro wasu lambobi na tunani, waɗanda ba sa cikin zoben amma suna aiki kamar suna nan. Daga sunan da ya ba su ne kalmar aidiyal ta samo asali. A 1871 Richard Dedekind ya sake fasalin abin: maimakon a yi maganar lambar da ba a gani, a yi maganar rukunin lambobin da take rabawa, waɗanda ana ganinsu. Rukunin nan shi ne aidiyal da muke ta magana a kai. Naira 100 da ba ta hannuna ba ta hannun mai shayi, amma muka gane ta daga basussukan da suke biyuwa, kusan hoton tunanin Dedekind ke nan. Bambancin kawai shi ne a cikin ℤ lambar da ake nema kullum tana nan, ana iya nuna ta da yatsa.

Bari mu ga wurin da ba ta nan, da misalin da Dedekind kansa ya yi amfani da shi. Ɗauki lambobi masu siffar a + b√−5, inda a da b cikakkun lambobi ne, √−5 kuma wata lamba ce da in an ninka ta da kanta ake samun −5. Ana tara su, ana ɗebe su, ana ninka su ba tare da an fita daga cikinsu ba, don haka zobe ne. A nan 6 tana wargajewa ta hanya biyu: 6 = 2 × 3, kuma 6 = (1 + √−5) × (1 − √−5), tunda na biyun ya ba da 1 + 5.

Waɗannan lambobi ba a jere suke a layi ɗaya ba, amma akwai ma'aunin girmansu: awon a + b√−5 shi ne a² + 5b². Awon 2 shi ne 4, awon 1 + √−5 shi ne 6. Ma'aunin yana da hali mai amfani: in ka ninka lambobi biyu, awonsu ma ninkuwa yake yi. Saboda haka idan wata lamba ta raba wata, awonta yana raba awon waccan.

Yanzu dubi aidiyal (2, 1 + √−5). Da farko mu san 'yan cikinsa. Duk ninkin 2 yana da a da b masu rabuwa biyu. Ninkin 1 + √−5 da c + e√−5 kuwa yana ba da a = c − 5e da b = c + e, waɗanda bambancinsu 6e ne, mai rabuwa biyu. Saboda haka a cikin wannan aidiyal, a da b kullum tafiyarsu ɗaya: ko duka biyun su rabu biyu, ko duka biyun su ƙi. Lambar 1, mai a = 1 da b = 0, ba ta ciki.

A ce aidiyal ɗin yana da tsatso ɗaya. Tsatson zai raba 2, ya raba 1 + √−5, don haka awonsa zai raba 4 ya raba 6. Awon ko 1 ne ko 2. Shin a² + 5b² zai zama 2? Idan b ba sifili ba ce, ya riga ya kai 5. Idan sifili ce, ana buƙatar a² = 2, kuma babu cikakkiyar lamba mai wannan hali. Awo 1 kuwa na 1 da −1 ne kaɗai, kuma mun ga ba sa ciki. Babu tsatson.

To a ina hujjarmu ta karye, tunda a can ta tsaya daram? Ginshiƙi na biyu lafiyarsa ƙalau, don awo cikakkiyar lamba ce. A cikin 'yan aidiyal ɗin da ba sifili ba akwai mai ƙaramin awo, ita ce 2, da awo 4. Mu yi abin da muka yi a baya, mu raba 1 + √−5 da 2 mu dubi saura. Duk ninkin 2 da za mu ɗebe yana da a da b masu rabuwa biyu, don haka sauran da zai rage a da b ɗinsa duka ba sa rabuwa biyu, kuma babu sifili a cikinsu. Ƙaramin awon da irin wannan lamba za ta samu shi ne 1 + 5, wato 6. Wanda muka raba da shi awonsa 4 ne, saura kuma ya ƙi sauka ƙasa da 6, ko wane ninki muka gwada. Sauran yana cikin aidiyal ɗin kamar da, amma bai gaza 2 a awo ba, don haka babu abin da zai tilasta masa zama sifili. Ginshiƙi na farko ne ya faɗi, rabawar nan da saura da muka fara da ita kan goro 17 da mutum 5.